Ƙasar da ke lotsawa idan ta sha ruwa: me ya tsaga min gida?

"Salam injiniya. Lokacin da muka haƙa fandeshan ɗin gidana ƙasar tauri gare ta, sai da diga aka iya haƙa ta, magini ma ya ce irin wannan ƙasa bene za ta ɗauka. Shekara biyu lafiya lau. Bana kusurwar da banɗaki yake ta tsage, ƙofa ta daina rufuwa, tayil ya ɗan nutse. Wani ya ce in ƙara kankare a gindin bangon. In yi? Kuma ina son ƙara ɗaki biyu a baya, ya zan yi kar a maimaita?"

Wa alaikumus salam Malam. Ka dakata da kankaren nan tukuna, don in abin da nake zargi ne to nauyi kawai za ka ƙara wa ƙasar da ta riga ta gaza ɗaukar wanda ke kanta. Abu uku da ka faɗa su suka ja hankalina, taurin ƙasar a bushe, da shekara biyun da ba a ga komai ba, da kuma cewa ta gefen banɗaki abin ya fara. In waɗannan suka haɗu, abin da na fara kawowa a rai shi ne ƙasa mai lotsawa, wato wadda ke da ƙarfi muddin tana bushe amma ranar da ruwa ya ratsa ta sai ta zauna gaba ɗaya. Ban ga gidan da idona ba, don haka zargi ne, amma akwai yadda za ka tabbatar.

Yadda ƙasar take a ciki

Ka ɗauka an jera bulo sama-sama da tazara a tsakaninsu, ba a cike gurbin ba, an dai ɗan shafa laka a inda suka taɓa juna. Lakar na bushe za ka iya hawa kai ka tsaya ba abin da zai motsa, ka watsa ruwa lakar ta jiƙe, bulon ya zame ya faɗa cikin gurbin da ke ƙasansa, jerin gaba ɗaya ya yi ƙasa. To haka ƙwayoyin wannan ƙasa suke. Yawanci lallausan yashi ne da turɓaya, ƙwayoyin ba su matsu da juna ba, kusan rabin jikin ƙasar iska ce a wasu wuraren, abin da ke riƙe su kuwa ɗan yumɓu ne da ya bushe a tsakani, ko wani gishirin ƙasa kamar farar ƙasa ko jibsam, ko kuma tsotson ɗan danshin da ya rage wanda yake janyo ƙwayoyin ya haɗe su. Duk ukun nan ruwa ne maganinsu, yumɓun ya yi laushi, gishirin ya narke, tsotson ya saki.

Shi ya sa diga take yaudarar mutane. Taurin da magininka ya ji gaskiya ne, amma taurin bushewa ne, ƙarfin aro. Har gwajin da ake buga ƙarfe cikin ƙasa ana ƙirga bugu yana iya ba da sakamako mai kyau in a rani aka yi shi, kuma na ga rahoton da ya wanke fili tas saboda haka.

Irin wannan ƙasa tana samuwa a inda iska ta tara ƙura shekaru dubbai, kamar tudun ƙasar lowes na arewacin China wajen Lanzhou da Xi'an, da Yukiren, da tsakiyar Amurka. Tana samuwa a bakin tsaunuka a busassun yankuna inda ambaliya ta zubar da laka da yashi suka bushe da sauri, kamar Kolorado da Arizona. A kudancin Afirka kuma an san ta a inda dutsen giranit ya ruɓe, ruwa ya wanke wasu ma'adinan ya bar ƙwarangwal ɗin yashi. Amma wadda na fi cin karo da ita a wurin aiki mutum ne ya yi ta da hannunsa, wato ciko. A kawo tifa a juye ƙasa a bushe, a baje, mota ta bi ta kai sau biyu, a ce ta zauna. Ba ta zauna ba, jiran ruwa take.

Sai abu uku sun haɗu kafin ta lotsa: gurbi a cikinta, nauyi a kanta, da ruwa. Gurbin yana nan tun kafin ka sayi filin, nauyin kai ka ɗora da ka yi gini, ruwan ne ya makara. Shekara biyun da ka samu lafiya shi ne lokacin da ruwan ya ɗauka kafin ya kai ƙarƙashin fandeshan, kuma sau da yawa ba ruwan sama ba ne, don ruwan sama yana zuwa ya wuce, fayif ne da ke ɗiga dare da rana ko sokawe da aka haƙa dab da bango.

Kar a rikita ta da ƙasa mai kumbura

Wannan ya kamata ka fara rabewa don maganinsu ba ɗaya ba ne. Baƙar laka mai kumbura tana tashi da damina ta sauka da rani, a fili za ka ga ta dare da manyan tsagu in ta bushe, in ta jiƙe tana kama takalmi, tsagar bango kuma tana buɗewa tana rufewa da yanayi. Mai lotsawa hanya ɗaya take bi, ƙasa kawai, in ta sauka ba ta dawowa, kuma tana iya yin saukar cikin kwanaki kaɗan. Ka duba tsagar bangonka. In a karkace take kamar matakala tana bin layin bulo, ta fi faɗi a sama ta tsuke a ƙasa, kuma kusurwar banɗakin ce ta sunkuya waje, to kusurwar ce ta sauka. Ka ƙwanƙwasa tayil ɗin wurin da sanda, in ka ji yana amo kamar ganga to ƙasar ta janye ta bar daɓen a rataye.

Gwajin da za ka iya yi da kanka

Ka sa a haƙa rami mita ɗaya da rabi zuwa biyu a inda za ka ƙara ɗakunan, nesa da inda ruwa ya taɓa. Ka yanko dunƙule kamar girman hannu daga bangon ramin, daidai zurfin da fandeshan zai zauna, ba daga wadda diga ta farfasa ba. Ka ɗaga shi ka ji, sau da yawa ya fi yadda ido ya zata sauƙin nauyi. Ka kai shi rana ka duba da kyau, za ka ga ƙananan huji kamar an tsattsaga da allura. Sai ka saka shi a kwano mai ruwa. Ƙasa mai lotsawa tana fitar da kumfa sosai, tana wani ɗan sauti, cikin minti ɗaya ko biyu ta wargaje ta kwanta a gindin kwanon. Lakar kirki da ta matsu tana daɗewa ba ta saki ba.

Akwai wanda na fi so don yana nuna girman matsalar ba wai akwai ta kawai ba. Ka sassaƙa dunƙule biyu girmansu ɗaya, ka ajiye ɗaya yadda yake, ɗayan ka jiƙa shi kaɗan ka murje ka sake dunƙule shi da faɗin da yake da shi a da. Ka jera su. In wanda ka murje ya fito gajere a fili, bambancin nan shi ne iskar da ke cikin ƙasar, kuma shi ne inda gidanka zai iya sauka. Haka in an gama ka mayar da ƙasar ramin kana jiƙawa kana daddannewa, ƙasa ta ƙare rami bai cika ba, ai ka ga amsa. A ƙasar da ta matsu saura ake samu.

Waɗannan duk alama suke bayarwa. Ba a zana fandeshan da su.

Abin da ɗakin gwaji zai gaya maka

Abu biyu za ka nema. Na farko nauyin ƙasar a bushe. Ana buga zoben ƙarfe mai cin kusan lita ɗaya a ciro ƙasar yadda take, a busar, a auna. In lita ɗaya ta ba da kilo 1.4, to ga lissafin: ƙwayar yashi ita kanta nauyinta kusan 2.65 ne, ke nan kashi 47 cikin ɗari na jikin ƙasar gurbi ne, kuma in ruwa ya cike gurbin nan danshinta zai kai wajen kashi 34. Sai a duba iyakar danshin da wannan ƙasa take komawa kwaɓaɓɓiya, in aka samu 25 ne misali, to ka ga tun kafin gurbin ya cika ta riga ta zama taɓo. Wannan kwatancen na masu binciken ƙasa Gibbs da Bara ne, kuma yana da sauƙin yi. Ni dai duk turɓayar da ta gaza kilo 1.5 zuwa 1.6 a lita ba na yarda da ita sai na jiƙa ta na gani.

Na biyu shi ne na'urar odomita. Ana yanka ƙasar cikin ɗan zobe mai kaurin milimita 20, ana ɗora mata nauyi mataki-mataki har 200 kPa, wato kilofaskal, ma'aunin ƙarfin dannawar nauyi a kan ƙasa, sai a cika ta da ruwa a bar ta awa 24 a ga nawa ta sauka.

CP = ΔH / H × 100

CP shi ne kason lotsawar, ΔH saukar da ta yi bayan an zuba ruwan, H kuma kaurinta na farko. In ta sauka milimita 1.2 cikin 20, kashi 6 ke nan. Masu bincike Jennings da Knight a 1975 sun raba shi haka, ƙasa da kashi 1 ba damuwa, 1 zuwa 5 matsala matsakaiciya, 5 zuwa 10 matsala, 10 zuwa 20 mai tsanani, sama da haka sai a yi hattara ƙwarai. Abin lura, dole samfurin ya isa ɗakin gwaji a dunƙulensa, a naɗe da leda ko a shafe da kakin zuma don kar danshinsa ya canza. Na sha ganin an ɗebo ƙasa da shebur a buhu an kai an ce a gwada lotsawa, ai ginin cikin ƙasar da ake son aunawa an riga an rushe shi a wurin ɗiba.

Sannan ka roƙa a jiƙa wani samfurin a kan nauyin da gidanka yake ɗorawa da gaske. Gida mai hawa ɗaya ba ya kai 200 kPa, yawanci 50 zuwa 80 ne a ƙarƙashin fandeshan, don haka lambar 200 ɗin ta kwatanta ƙasa da ƙasa ce, ba ita ce saukar gidanka ba.

Wani gida da na duba

Kusan irin naka ne. Hawa ɗaya, fandeshan mai faɗin milimita 600 a zurfin 900. Tsagar da ke bangon baya yatsana ƙarami yana shiga ta sama, ta ƙasa kuwa kamar gashi. Mai gidan ya riga ya sa an toshe ta da siminti sau biyu tana sake buɗewa. Muka ɗauko tiyo mai haske muka cika ruwa muka auna layin bulo ɗaya a zagaye da gidan, kusurwar banɗaki ta fi sauran ƙasa da milimita 55. Muka haƙa rami biyu, ɗaya a gaban gida ɗaya a kusurwar. Na gaba sai da diga, ƙura na tashi. Na kusurwa kuwa daga mita ɗaya ƙasar ta koma kamar kwaɓin gini, na tura rodi da hannu ya shige fiye da mita ba tare da na yi nishi ba. Ƙasa iri ɗaya ce fa, kala ɗaya, tazarar mita goma. Da muka bi fayif ɗin banɗakin sai ga gwiwarsa ta tsage a daidai inda ya fita daga bango, kuma ba mamaki ƙaramin ɗiga ne ya fara, ƙasa ta ɗan sauka ta ja fayif ɗin, tsagar ta ƙaru, ruwa ya ƙaru, haka abin yake ciyar da kansa.

Gwaji ya ba da kashi 3 a nauyin gidan, kaurin ƙasar da ta jiƙe a ƙarƙashin fandeshan kusan mita 2. Kashi 3 na mita 2 milimita 60 ne, ya yi kusa da abin da muka auna. Wani zai ce milimita 55 ai ba komai, amma da gidan gaba ɗaya ya sauka haka tare ba wanda zai sani. Matsalar ita ce kusurwa ɗaya ta sauka a cikin tazarar mita 5, wato kusan 1 cikin 90, alhali bango yana fara tsagewa tun wajen 1 cikin 300, kuma daga 1 cikin 150 jikin ginin kansa ake jin tsoro.

Gidan da ya riga ya tsage

Ruwan za ka fara nema. Ka rufe duk famfo ka sa alama a tanki da dare ka duba da safe. Fayif ɗin ƙazanta kuma a toshe shi ta ƙarshe a cika ruwa a ga ko yana raguwa. Ka duba sokawe, da inda ruwan kwano yake zuba, da furannin da ake ba ruwa a gindin bango, har ɗigon na'urar sanyaya ɗaki. Ka gyara, ka sa mahaɗi mai lanƙwasa a inda fayif ya ratsa bango, sokawe kuma in yana kusa a rufe shi a haƙa wani nesa, ni a irin wannan ƙasa ba na yarda da ƙasa da mita 5, in fili ya ba da dama a kai 10.

Bayan haka sai haƙuri. Ka shafa ɗan filasta siriri a kan tsagar a wuri biyu ko uku ka rubuta kwanan wata, ko ka kafa ƙusa biyu kana auna tsakaninsu duk mako. Wata uku zuwa shida, in da hali har damina ta wuce. Akwai ɗan sassauci ɗaya a ƙasar nan, wadda ta jiƙe ta zauna ta riga ta yi mafi yawan saukarta a wannan nauyin, don haka in ruwa ya tsaya sau da yawa motsin yana tsayawa, sai a ɗinke bangon da rodi a cikin layin bulo a yi filasta. A gidan da na ba ka labari haka aka yi. Amma sauran gefen gidan da bai jiƙe ba yana nan da gurbinsa, shi ya sa muka zuba daɓen kankare mai faɗin mita ɗaya da rabi a zagaye da gidan, mai gangara waje, muka sa indararo ya kai ruwan kwano nesa.

In filastan ya ci gaba da tsagewa bayan an tare ruwa, to sai tallafar fandeshan daga ƙasa. Ana haƙa ƙarƙashinsa guntu-guntu, kamar mita ɗaya, a tsallake biyu ko uku, a sauka har ƙasar da ba ta lotsawa, a zuba kankare a matse shi da tsohon fandeshan. Ka ga bambancinsa da shawarar da aka ba ka, wancan a gefe ake liƙa kankare ya zauna a kan ƙasar da ta gaza, wannan yana kai nauyin inda za a iya ɗaukarsa. Ba aikin da za a bar wa magini shi kaɗai ba ne, bango yana iya faɗo wa mai haƙa. Kuma kar ka yarda a ɗura ruwan siminti mai tsarwa a ƙarƙashin gidan da sunan cike gurbi, ruwan da ke cikinsa zai iya lotsa wurin da bai lotsa ba. In tsaga ta wuce milimita 15, ko ta kama bim ko ginshiƙi, ko bango ya fara karkata, a fitar da mutane daga ɗakin a kira injiniya a ranar.

Ɗakunan da za ka ƙara

Komai ya rataya a kan kaurin ƙasar mai lotsawa, don haka ramin gwajin ya sauka har a ga ƙarshenta. In ba ta wuce mita biyu ba abin da sauƙi. Ko dai a sauke fandeshan ya wuce ta, ko a kwashe ta a ƙarƙashin layin fandeshan, zurfin aƙalla ninki ɗaya da rabi na faɗinsa, a mayar da ita ɗin dai shimfiɗa-shimfiɗa mai kaurin milimita 150, ana yayyafa ruwa ana bi da injin daddannewa. Ƙasar ba muguwa ba ce, a sake take, in ta matsu tana da kyau. Danshin ne wurin da ake kuskure. Ka damƙa a hannu, ta dunƙule ba ta jiƙa maka tafi ba, ka sake ta daga tsayin ƙugu ta fashe gida biyu ko uku. In ta watse kamar gari ta bushe da yawa, kuma ciko da aka danne a bushe shi ma mai lotsawa ne, ka sake ƙera matsalar da kuɗinka. A nemi matsi kashi 95 na gwajin Proctor, wato gwajin da ke nuna iyakar matsuwar da ƙasar za ta yi in an danne ta a ɗakin gwaji, a auna a wurin, kar a tsaya ga "ai ta yi". Cikon ƙarƙashin daɓen ɗaki ma haka, nan aka fi yin ha'inci don ba mai gani.

In ta yi zurfi, mita huɗu ko fiye, ƙaramin gida ya fi dacewa da faffaɗan fandeshan na bai ɗaya mai bim masu ƙarfi a ƙarƙashi, wanda in kusurwa ɗaya ta rasa ƙasa zai riƙe ta a rataye ba tare da ya karye ba. Gini mai nauyi kuma ginshiƙan kankare ake sokawa har ƙasa mai ƙarfi, a lissafa da cewa ƙasar da ke lotsawa za ta riƙa jan ginshiƙin ƙasa maimakon ta tallafe shi. A manyan filaye ana sako ƙarfe mai tan 10 zuwa 20 daga tsayin mita 10 zuwa 20 ya daki ƙasa, yana matse ta har zurfin mitoci da dama, amma kai ba naka ba ne, girgizar za ta ƙarasa tsohon bangon.

Za a ba ka shawarar ka cika ramin fandeshan da ruwa kwana biyu "ƙasa ta zauna". Kar ka yi. An yi amfani da jiƙa ƙasa kafin gini da gaske, misali a manyan hanyoyin ruwa na kwarin San Joaquin a Kalifoniya, amma watanni ake yi ana tara ruwa a fili wanda ba gini kusa. Kuma ka tuna abu ukun nan, ruwa ba nauyi ba ya rufe gurbin ƙasar sama, sai ka ɗora gini a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ta sauka a lokacin. A wurinka ma ruwan zai bi ta ƙasa ya shiga ƙarƙashin tsohon gidan ta gefen da yake lafiya.

Sabon ginin kar a ɗaure shi da tsohon, a bar tazarar milimita 20 daga fandeshan har sama a cike da abu mai laushi, kowanne ya motsa da kansa. In ka haƙa ramin, ka turo min hoton bangonsa da tef a jiki, da na dunƙulen nan biyu a jere, da awon tsagar na mako huɗu, daga nan zan iya ce maka ko ɗinki zai isa ko sai an shiga ƙarƙashi.